Takardar da Na Aika Bunguɗu

Mahaifina magatakardan alƙali ne a Tsafe. A hannunsa na yi karatu, a hannunsa kuma na koyi cewa abin da ba a rubuta ba gardama ce ke jiransa. Da wannan hali aka kai ni gidan miji a Gusau, a shekarun da ake ta zancen jirgin ƙasa zai iso garin. Maigidanmu, Malam, ɗan kasuwar auduga ne. Bayan shekara shida ya auro mini abokiyar zama daga Bunguɗu, 'yar manoma, mai fara'a, wadda ba ta san ko harafi ɗaya ba. Tana ce mini Yaya, ina ce mata Amarya, kuma mun shekara uku ba a ji kanmu ba.

Girki kwana bibiyu muke yi, ana karɓa bayan la'asar. Mai girki ita ke karɓar damin gero daga rumbu, ta sussuka, ta sheƙe, ta surfa, ta daka. Ita ke jan ruwa ta cika randuna, ta share turaka, ta tuƙa tuwo ta raba da hannunta, kuma kwanan nata ne. Wadda ba ta da girki takan kama tabarya ta taya, don zumunci.

A wata damina sai Amarya ta daina taya ni daka. Sannan ta fara barin nata surfen, har in ga rana ta yi, in ɗauka in yi don kada yara su wuni da yunwa. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, a ranakun girkina Malam kan dawo daga kasuwa ya tsaya bakin ƙofarta suna magana ƙasa-ƙasa, wani lokaci har da ƙunshin tsamiya a hannunsa. Na san hukuncin: miji ba ya shiga wurin wadda ba ta da kwana sai da larura. Ban tambayi kowa ko akwai larurar ba. Takarda na samu na fara rubutawa: rana kaza na yi mata surfe, rana kaza na cika mata randa, rana kaza ya tsaya ƙofarta.

Ranar wata Juma'a, mata maƙwabta sun shigo kitso, na fito da takardar na karanta ta tun daga sama har ƙasa, da irin muryar da mahaifina ke karanta shaida. Babu ƙarya ko ɗaya a ciki. Amarya na zaune ta sunkuyar da kai.

"Yaya, duk wanga da kika hwaɗi haka ne," in ji ta.

"To me ya sa?"

Ta tashi ta shige ɗakinta. Washegari ta ɗaure kayanta, ta bi 'yan garinsu da suka zo cin kasuwa. Malam ya je biko sau biyu ya dawo shi kaɗai. A na biyun mahaifinta ya ce masa in an gama girbi za su haɗu gaban alƙali, don bai ba da ɗiyarsa a riƙa karanta ta gaban jama'a ba.

Gwaggon Malam, tsohuwar da ta rene shi, ita ta zo ta same ni ina tankaɗe.

"Malama mai takarda, sannu da aiki. Wata uku yarinyar nan na tofar da yawu gabanki, tana tsotsar tsamiya, ba ki rubuta wannan ba?"

Na ajiye rariya.

"Ɓari biyu ta yi a gidan nan. Wannan karon jini ya nuna, ungozoma ta hana ta tabarya da guga. So kike ta buɗe baki ta ce miki ciki gare ta? Gaban masu kitso?"

Duk macen da ta tashi a ƙasar nan ta san ba a faɗin ciki kafin haihuwar fari, ko ga uwar da ta haife ki. Ni ma ban faɗi nawa ba. Ɓarin nan biyu kuwa ni na dafa mata ruwan zafi. Duk na san wannan, amma idona na kan lissafin kwanaki.

Biko aikin miji ne, ban taɓa jin abokiyar zama ta yi shi ba, kuma ba ni da izinin fita zuwa Bunguɗu. Abin da nake da shi alƙalami ne. Takarda tana da tsada, don haka a allo na fara tsarawa. Da na gama na karanta wa Gwaggo. A ciki na ce na yi kuskure, amma da an sanar da ni, amma da Malam ya bi ƙa'ida.

"Wannan ban-haƙuri ne ko ƙara kika shigar? Wanke."

Na wanke. A na biyu na rubuta cewa yanzu na san halin da take ciki.

"Wa zai karanta mata?" in ji Gwaggo.

Sai a nan na tuna. Amarya ba ta karatu. Ƙanen mahaifinta, limamin unguwarsu, shi zai karanta da ƙarfi a tsakar gida, iyayenta da matan gidan suna ji. Da na aika haka, da na tona abin da ta gwammace ta bar ɗakinta da ta faɗa. Kuma duk abin da na ce game da kaina, Bunguɗu za ta ji. Daga baya na ga daidai ne: gaban mutane na ci mata fuska.

Ga abin da ya hau takarda, bayan bisimilla da gaisuwa ga iyayenta: "Ni na zalunce ki. Na ƙirga abin da na yi miki, ban tambaye ki lafiya ba. Laifin ba naki ba ne, ba na Malam ba ne. In kin dawo, daka da surfe da jan ruwa na ranakun girkinki suna wuyana har ran da kika ce kin karɓa. Rabon tuwo da kwana naki ne, ba na taɓa su. Ki yafe mini don Allah."

Wannan sharaɗin Gwaggo ce ta sa na fito da shi fili, domin a al'ada wadda ta ɗauki girki ta ɗauki kwana, kada a ce dabara na yi. Na naɗe takardar tare da waccan ta farko, ta lissafi, na ba Gwaggo, ta bi masu jakuna ranar kasuwa.

Kwana tara babu labari. A na goma, da hantsi, na ji sallamar Gwaggo, Amarya na bayanta, ta yafa zane har ƙasa. Na tashi na rasa inda zan sa idona.

"Yaya, na yahe," in ji ta. "Amma ki sani sau biyu Baffa ya karanta, don Inna ba ta ji da kyau. Na biyun har maƙwabta sun leƙo."

"Ta farkon fa?"

"Ita ba a karanta ba. Na san abin da ke ciki."

Da la'asar girki ya faɗo kanta. Na yi surfe, na daka, na cika randuna, na tuƙa. Ta zauna a kujera 'yar tsuguno ta ɗauki mara, ta kwashe na Malam, ta kwashe na yara, sannan ta zuba nawa ta miƙo mini. Na karɓa da hannu biyu.