Asabar Ɗin da Auta Ta Shimfiɗe Tsoho

'Yar yayana ce, autarsa, kuma har yau Auta muke ce mata duk da ta haura talatin. Tun tana ƙarama ba ta da wani aiki sai zane. Ta yi a bango, ta yi a bayan kalanda, ta sha duka a kai bai hana ta ba. Da ta girma sai ta karɓe ɗan ɗakin da ke bakin ƙofar gidansu, ta ajiye tebur da kwamfuta da fanka mai kuka, ta lulluɓe kusurwa ɗaya da tsofaffin barguna don ɗaukar murya. A nan take yin shirinta na zane mai motsi, labarin wani tsohon direba da rubabbiyar motarsa. Kowace Asabar da yamma take sakin kashi ɗaya a dandalin bidiyo.

Muryar tsohon ta ubanta ce. Direban bas ne shi ma kafin ƙafa ta zaunar da shi, kuma ya iya faɗa da fasinja fiye da kowa. Bai taɓa karanta abin da ta rubuta masa daidai ba. Sai ya ƙara nasa zagin, kuma nasa ɗin mutane suka fi so. 'Yan unguwa da tsofaffin abokan aikinsa duk sun san shi ne.

Ni ce mai kai mata abinci idan ta manta da cikinta, shi ya sa na san yadda abin yake. Ta taɓa nuna mini a wayarta. Mutum yana jan allo da yatsa, ba ya ganin wahalar da ta sha, ɗan hoton gaba da take kawai yake gani. In sun ja shi ya taɓa, in ba su ja ba ya wuce. Dandalin kuwa yana lura. Abin da ake taɓawa kuma a tsaya a kalla shi yake turawa gaban ƙarin mutane. Taken ma in ya yi tsawo waya ta yanke shi, shi ya sa ta daina sa lambar kashi a farko ta mayar da ita ƙarshe.

"Gwaggo, sati guda nake zane," in ji ta, "amma ɗan hoton nan shi ne alƙalina."

Asabar kuwa ba ta taɓa tsallakewa. Ta ce mutane sabo suke yi, in suka zo sau biyu ba su samu ba sun tafi kenan. Don haka take yin gaba da aikin. Sai ta gama kashi, ta ɗora shi, ta sa masa take da hoto da rana, in lokacin ya yi ya fita da kansa ko tana barci.

A shekarar nan masu kallo suka yi ta raguwa. Babban wanta, mai shagon gyaran waya, ya ce ya gaji da ganin ta a kogon nan, in shekara ta ƙare haka za ta tattara ta zo shago. Ta rame. Ta canza launin hotuna, ta ƙara wa tsohon girman ido da baki, ta gwada take mai tambaya. Babu abin da ya motsa. A cikin wannan halin ta yi wani kashi inda aka tsinci tsohon a miƙe a ƙarƙashin motarsa, tasha ta ruɗe da kuka, sai can ƙarshe aka gane barci yake. Ta zana hoton gaba da shi a shimfiɗe an rufa masa mayafi, ƙafafu a waje. Take kuma: "Tsoho Ya Tafi?" Ta sa masa rana, ta shiga na gaba.

Ana cikin haka uban ya faɗi a banɗaki, aka kwantar da shi a asibiti. Ita ce mai jinya. Kwamfuta ba ta ko kalla ba, kuma ta manta sarai wane kashi ne a layi. Ran Asabar muna zaune a barandar asibitin sai wayoyi suka fara ruri. Ashe kashin mayafin nan ne ya fita. Mutane sun san yana kwance, ga kuma hoto. Kafin magariba tsofaffin direbobi sun cika ƙofar gida, wani har da kuka.

Wan nata ya iso yana huci.

"Ke wace irin 'ya ce? Cire shi yanzu!"

Ta buɗe wayar, ni ina kallon fuskarta. Maimakon ta cire sai ta tsaya tana kallon alƙaluman masu kallo. Kashin yana tafiya yadda babu wanda ya taɓa tafiya. Mutane suna taɓawa, kuma suna zama har ƙarshe don su ga ko ya mutu.

"Yaya, don Allah ka bar ni zuwa Litinin."

"Zuwa Litinin? Ubanki kike talla!"

Na ce mata, "Ai kin ce ana iya canza hoto da take ba a sauke bidiyon ba."

"Ana iyawa, Gwaggo. Amma hoton ne yake jan su. In na taɓa shi yanzu zai iya tsayawa. Shekara nawa nake jiran wannan?" Ta hau danna wayar. "Zan rubuta a ƙasa cewa Baba yana nan da ransa."

Ta rubuta ɗin, ta maƙala shi a saman sharhi. Sai dai wanda ya ga hoto yana wucewa ba ya zuwa ƙasa. 'Yan gaisuwa suka ci gaba da zuwa har Lahadi, matar wan tana korar su da bayani. Hoton bai sauka ba.

Uban ya ji, don wani abokinsa ya shigo ɗakin ya gan shi zaune yana shan shayi, ya kusa sumewa. Uban ya ce a nuna masa. Ya daɗe yana kallon ƙafafun nan.

"Har da kaushin dunduniyata kika sa," ya ce. "Kin iya zane, ja'ira."

Ta durƙusa ta ce mantuwa ce.

"Fitarsa mantuwa ce. Barinsa fa?"



Ya warke ya dawo gida. Shirin ya samu sababbin mutane da yawa, wan ma ya yi shiru da zancen shago. Amma shirye-shiryen da ta ajiye suna ta ƙarewa, sati bayan sati, babu sabuwar murya. Ta roƙe shi da kuka. Ta turo ni, na je, ya ce in kama girmana. Ranar da ta saki na ƙarshe ta kai masa takarda har gado.

"Baba, layi uku ne kawai."

"Mamaci ba ya magana, Auta. Kin shimfiɗe shi, je ki binne abinki."

Ta gwada muryar wani saurayi mai kwaikwayo. Masu sharhi suka yi mata caa, suna tambayar ina tsohonsu, rabi suna fita tun minti na farko. Yanzu motar take ƙoƙarin mayarwa jarumar shirin, ita da kanta take yi mata murya a cikin bargunan. Asabar ba ta fasa ba tukuna, amma ba ta da ko kashi ɗaya a ajiye, na wannan satin a wannan satin take zana shi. Jiya na kai mata abinci na tarar da na shekaranjiya a rufe. Uban yana tsakar gida yana ta faɗa da mai gyaran famfo, ta ɗan buɗe ƙofa tana saurare.