Harajin Albasar Bara

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, dillalin albasa ne a Aliero, kuma yana cikin 'yan kasuwar da ake yanka wa haraji kai tsaye, tunda ba shi da albashin da za a cira. A shekarun farko na Jihar Kebbi ya nemi kwangilar kai albasa wata makarantar kwana wajen Maiyama. Sharaɗin shi ne takardar shaidar biyan haraji ta shekaru uku da suka gabata. Kawu bai damu ba. Ya hana kansa sayar da albasar da ke rudu, wato rumfar ajiya, don yana jiran kwangilar, ya ce in raka shi ofishin haraji mu karɓo takardar.

Jami'in da muka tarar ya jera rasidai uku a tebur, ya daɗe yana dubawa.

"Alhaji, akwai shekarar da ba ka biya ba."

"Mi ka ce, ɗan nan? Ga uku nan gabanka!"

"Uku ne. Amma biyu shekara ɗaya suka ɗauka."

Abin da ya faru mai sauƙi ne, shi ya sa ya fi ciwo. Harajin ɗan kasuwa na kowace shekara a kan ribar shekarar da ta wuce ake yanka shi. Ranar da Kawu ya je biya, ya ce wa mai karɓa, "Na kawo harajin albasar bara." Gaskiya ya faɗa: albasar ta bara ce, harajin na bana. Mai karɓa ya ji "bara", ya rubuta bara, bai dubi takardar yankan harajin da aka miƙa masa ba. Shekara guda ta ci biyu, ta gaba ta kwana da yunwa, har an ɗora mata tara.

"To ka goge ka rubuta daidai mana," in ji Kawu.

"Ba a goge rasidi, Alhaji. Mafi sauri, ka sake biya."

"In sake biya? Albasa ma sau ɗaya nike biyan mai gona, bale ku da ba ku ɗauki garma ba!"

Wata jami'a da ke teburin gefe ta yi dariya, sannan ta yi mana bayanin hanyar da ya kamata a fara faɗa mana. A rubuta wa shugaban ofis takarda a nemi mayar da biyan shekarar da ta dace. A haɗa da rasidan biyu da takardar yanka, a riƙe hotonsu. A kuma roƙi a lissafa biyan daga ranar da aka yi shi, don tarar ta faɗi. Ofis zai tabbatar kuɗin sun shiga asusu, hedikwata ta amince, sannan a yi gyaran a littafinsu, rasidi kuwa ya zauna yadda yake.

Mun yi duk wannan a ranar. Sai aka ce rasidi na farko kafin raba jiha aka bayar da shi, kuma kwafinsa yana cikin fayilolin da ba a kwaso daga Sakkwato ba tukuna. Ba gyara har sai an gan shi. Na tambaya ko hatimin da ke kan namu ba na hukuma ba ne. Aka ce na hukuma ne, amma ta da.

Wannan amsar har yau tana tsaya mini a wuya. Mutum ya biya a kan lokaci, ya adana shaidarsa cikin leda a ƙasan akwati, kuskuren alƙalamin wani ne, amma shi ake aika wa neman hujja. Ba wanda ya ce ya ci kuɗi. Ba kuma wanda ya ce masa ya yi haƙuri.

Na ba shi shawara ya biya na biyun, ya karɓi shaidar, daga baya ya nemi a ajiye masa rarar ta shekara mai zuwa. Doka ta yarda da haka. Ya dube ni kamar na zage shi.

"In na biya, na amsa ke nan cewa ban biya ba."

Ya yi ta zirga-zirga, albasa tana ta tsiro a rudu. Aka rufe karɓar takardun kwangila ba da shi ba. Ya ɗebi abin da ya rage ya kai kasuwar Jega, ya sayar yadda aka taya.

Gyaran ya fito bayan saukar damina. An mayar da biyan, an soke tarar, an ba shi shaidarsa. Jami'in farko ya miƙa masa yana murmushi, ya ce, "Ka ga ai an gyara."

Kawu ya ninke takardar ya sa aljihu, ya fito da harajin sabuwar shekara ya ajiye, amma ya danne shi da tafin hannu.

"Karanta mini shekarar da za ka rubuta," ya ce. "Da ƙarfi, kowa shi ji."