Zakaran Jamus

A shekarun da Jamus ke mulki a Garwa ina da kaji tara, kuma ban taɓa barin kowa ya sa mini hannu a cikinsu ba. Akurkina na laka ne, na ɗora shi kan duwatsu saboda damshi, da jinka a sama da 'yar ƙofa da nake toshewa da dutse saboda muzuru. Kowace safiya sai na share kashin, na barbaɗa toka, na wanke kaskon ruwa. Abincinsu dusa da tsakin dawa, sai gara da nake kamawa da tukunya: in cusa busasshen kashin shanu da kara, in yayyafa ruwa, in kife ta a bakin suri. Akwai ramin toka a gindin danga inda suke birgima, shi ke kashe musu ƙwarƙwata.

Doka ɗaya gare ni. Duk kazar da ta shigo daga waje, ko kyautar wa ce, sai ta yi mako biyu a ɗaure bayan rumbu, da kaskonta daban, kafin ta ga sauran. Haka uwata take yi, kuma daga hannunta na sami jinin wake-waken kazata, wadda a lokacin take kwance kan ƙwai goma sha ɗaya. A duk abin da uwata ta bari, ita kaɗai ta rage mini.

Ran nan sai ga maigida, mai fataucin goro ne, ya dawo daga bariki rungume da wani jibgegen zakara kamar ya ɗauko jariri. Wai kukun Baturen ne ya ba shi, kyauta.

Na ce, "Malam, kuku ya yi kyautar nama? Kawo shi bayan rumbu."

Ya ce, "Ke, rufa mana asiri! Zakaran Jamus za ki ɗaure kamar ɓarawo? Wannan kakansa ta jirgin ruwa ya zo."

"To jirgin ne ya sa masa hawaye a ido? Dubi fiffikensa yana ja."

"Ƙasaita ce. Haka manya suke tafiya."

Ya tura shi akurki da hannunsa. Na ɗauki wake-waken da kaskon da take kwanci, na kai ta bayan rumbu, na kifa mata kwando, na ba ta sabon mazubin ruwa. 'Yar gida ta koma wurin baƙi, baƙo ya hau gado.

Kafin la'asar labari ya gama unguwa. Mazan da ba su san inda akurkin gidansu yake ba suka riƙa zuwa da kajin matansu a hammata, kowa yana son iri. Wani maƙwabcinmu Bafillace ya cire takalmi kafin ya leƙa. Maigida yana zaune kan buzu yana tsara layi, yana cewa a bi a hankali kada a gajiyar da shi. Shi kuwa zakaran ko kallon kajin bai yi ba, yana tsaye ido a rufe, suna shan ruwa kasko ɗaya da shi.

Kwana uku ya mutu, bai yi cara ko sau ɗaya ba. Maigida ya ce zafin Garwa ne bai karɓe shi ba. A rana ta biyar kajina suka fara zawo kore, suka saki fiffike, suka daina ci. Mata suka jiƙa barkono da sassaƙen maɗaci, ni ma na jiƙa, ba wadda ta tashi. Takwas na rasa. Unguwa ta yi tsit da asuba, har ladan ya makara. Daga baya muka ji cewa kajin barikin sun daɗe suna zubewa, kukun yana rabar da masu sauran numfashi ne kafin Baturen ya ƙirga.

Na hana a jefa mushen a juji inda karnuka za su ja. Na miƙa wa maigida fartanya, ya haƙa rami mai zurfi, yana haƙa yana cewa ai dama shi tun farko bai yarda da idon zakaran ba. Na cusa kara a akurki na cinna wuta, na fasa tsohon kasko, na bar wurin wata guda ba kowa. Kullum sai na wanke hannu da ƙafa kafin in zagaya bayan rumbu in ɗaga kwandon.

Wake-waken ta ƙyanƙyashe tara. Matan unguwa suka riƙa zuwa roƙon iri, na ce sai sun yi fiffike, kuma mace zan ba a hannu, kada wata ta aiko mini da miji.

Da kaka wani abokin fatauci ya kawo wa maigida zabuwa daga Marwa. Ina tsakar gida ina tankaɗe na ga maigida ya nufi bayan rumbu da igiya, yana yi wa baƙon bayani cewa shi a gidansa haka tsarinsa yake tun fil azal.