Imel Ɗin da Na Aika wa Sabbin Shaguna Tara

Wasu abubuwan sun ɗan shige mini duhu, musamman wanda ya riga wani faruwa, don haka inda na ce tara mai yiwuwa takwas ne. Maganganun mutane kuma na kawo su ne yadda suka zauna mini a kai.

Bayan na gama hidimar ƙasa na dawo Azare da kwamfutata da ɗan abin da na koya na zanen tambarin kasuwanci, wato logo. Aikin nake so, sai dai ban iya shiga shagon mutum in ce ga ni ba. Saboda haka na zaɓi hanyar da ba sai an ga fuskata ba: na bi shafukan Fesbuk na shagunan da aka buɗe a ɗan tsakanin nan, na kwashe adireshin imel na kowanne. Akwai mai ɗinki, da mai kayan waya, da wata Hajiya mai yogot, da wasu.

Kwana uku na yi ina gyara wasiƙar. Na faɗi ko ni wane ne, na haɗa samfurin zane guda huɗu, na ce zan yi zanen farko a gani kafin a yanke shawara. Ɗaya bayan ɗaya na aika, kowa da sunan shagonsa a sama, don na karanta cewa idan aka tura wa mutane da yawa a dunƙule saƙon kan faɗa akwatin tarkace. Akwai kuma jimla ɗaya da na tsinta a shawarwarin intanet na saka wa kowa: cewa na wuce ta gaban shagonku, kuma duk cikin sabbin shagunan garin nan naku ne ya fi ɗaukar hankalina. Ban wuce ta gaban ko ɗaya ba. Na san haka lokacin da nake rubutawa, na dai gaya wa kaina cewa salon wasiƙa ne kawai.

Mako guda shiru. Ran nan da hantsi amsa ta shigo daga adireshin mai ɗinki, layi ɗaya da Hausa: in zo kafe ɗin da ke kusa da tasha in nemi Malam.

Malam dattijo ne mai gilashi, shi ke da kafe ɗin, inda ake cike fom da buga takardu. Da na gabatar da kaina sai ya jawo aljihun tebur ya fito da takardu, ya jera su a gabana. Wasiƙata ce, sau tara.

"Injiniya, zauna," in ji shi. "Ashe idonka na da faɗi. Shago tara, kowanne ya fi sauran."

Abin da ban sani ba, wanda kusan kowa a kasuwa ya sani, shi ne yawancin masu shagunan nan ba su taɓa buɗe imel ɗinsu ba. Malam ne ya buɗe musu lokacin da suka zo yin rajistar sunan kasuwanci, shi ya yi musu shafin Fesbuk, kalmar sirrin ma tana cikin littafinsa. Yakan duba musu lokaci-lokaci ko wata takarda ta iso. Mutum ɗaya na rubuta wa duka.

Azare ba ta da girman da magana za ta ɓace a cikinta. Idan ya ba da labarin nan a majalisa, na zama yaron da ke yi wa kowa daɗin baki, kuma babu mai ba ni aiki.

"Malam, kuskure ne," na ce.

"Kuskure sau tara? A'a, wannan ƙwazo ne." Ya yi dariya har sai da ya cire gilashi. Sannan ya ɗauki shafin samfurin ya daɗe yana kallo. "Hannunka dai yana da kyau. Wasiƙun nan ba nawa ba ne, na masu su ne, sai na ba su. Na riga na karanta wa Hajiya mai yogot tata, don tana neman mai yi mata takardar manna wa roba. Ta ce ka je jibi. Sauran zan ɗan riƙe tukuna."

Ban tambaye shi ko har da jimlar nan ya karanta mata ba. Na kasa.

Washegari na tafi neman shagon, tunda ban ma san inda yake ba. Na faɗa wa ɗan acaɓa sunan da ke Fesbuk, ya ce bai san shi ba. Da na ce mai yogot sai ya ce, "Ka ce mai shuɗiyar kula mana." Na zauna a bencin mai faci da ke tsallaken titi kusan awa biyu. Akwai wata tsohuwar kula shuɗiya ta sanyaya yogot a bakin ƙofar shagon, murfinta ɗaure da roba. Na ji wani mutum da ya ce daga Chinade yake yana kwatanta wa wani a waya: wajen shuɗiyar kular nan. Allon sunan yana sama, ban ga wanda ya ɗaga kai ya karanta ba.

Ranar da aka sa mini, Hajiya na zaune tana jera robobi. Bayan mun gaisa ta ce, "To ɗana, an ce shagona ya fi ɗaukar hankalinka. Me ka gani?"

Amsa tana bakina, tunda yanzu na ga kular. Da na faɗe ta da an wuce wurin. Ba zan ce jarumta ce ta hana ni ba, ina jin tsoro ne kada Malam ya riga ya gaya mata komai.

"Hajiya, lokacin da na rubuta ban taɓa zuwa nan ba. Haka na rubuta wa kowa. Jiya ne na zo."

"Na gan ka ai. Na ɗauka ma'aikacin haraji ne." Ta ci gaba da jera robobinta. "To jiyan me ka gani?"

Na gaya mata. Ta juya ta kalli kular kamar yau ta fara ganinta, ta ce ita da take shirin jefar da ita.

Tambarin da na yi mata kula ce da sunan shagon a ƙasa, launi ɗaya tak, don ya fito a ƙaramar takardar roba da kuma hatimi. Sau biyu ta mayar da ni, ta ce murfin ya yi kama da na tukunya, kuma da gaskiyarta. Na ba ta fayil ɗin da mai buga allo zai faɗaɗa ba tare da ya dusashe ba, da wani na hoton Wasaf, na kuma ajiye kwafi a wurin Malam.

Sai bayan nan Malam ya ce in sake rubuta sauran wasiƙun, ban da jimlar, in kuma kai su da ƙafata. Biyu sun ba ni aiki, sauran sun ce sai an kwana biyu. Har yau ban ji labarin nan a bakin kowa ba, sai dai idan na shiga kafe yakan tambaye ni wane shago ne ya fi ɗaukar hankalina a wannan makon. Ban taɓa yi masa godiya yadda ya kamata ba, haka ma Hajiya, shi ya sa na rubuta wannan.

Idan Malam, ko Hajiya, ko mai facin da na zauna a bencinsa sun ga inda na karkace, ina roƙo su gyara mini. Gara a tare ni a hanya a faɗa mini, ko a bar saƙo a kafe.