Diddigen Baba da Kujerar Makka

Ranar da yayanmu ya bugo waya ya ce kujerar Makkan Baba ta fito, ina tsakar gidana a Makarfi ina tankaɗe. Na rangaɗa guɗar da sai da maƙwabciyata ta leƙo ta katanga. Washegari da sassafe na nemi izinin maigidana, na hau mota sai Likoro, bakina ya ƙi rufuwa har na sauka.

Na tarar da gida cike da 'yan taya murna. Baba na zaune kan tabarma a zaure, ya miƙe ƙafafu, ana ta yi masa Alhaji tun bai ga jirgi ba. Na durƙusa na gaishe shi, sai idona ya sauka kan diddigensa. Kaushin Baba ba baƙona ba ne, tun muna yara in ya taka tabarma muke jin ƙarar ƙafarsa kafin sallamarsa. Amma wannan karon faso ne ya dare a ƙafar dama, mai zurfi, cikinsa ja. Da ya tashi raka baƙi na ga da yatsu yake takawa.

"Baba, da wannan ƙafar za ka yi ɗawafi?"

"Uwata ke nan," in ji shi, don sunan mahaifiyarsa na ci. "Wanzami zai zo ya fere shi da aska ya ɗinke. Haka muke yi tun ba a haife ki ba."

Ni kuwa ba a san ni da haƙuri ba. Na ce wallahi aska ba za ta taɓa ƙafar nan ba ina raye. Na tasa shi gaba har asibitin garin. Malamar da ta duba shi ta fara gwada jininsa, ta ce alhamdu lillahi babu ciwon suga, don da akwai, ko dutsen goge kaushi ba za ta bari mu sa masa a gida ba. Ta ce aska na iya zarcewa cikin nama, ciwon ya ruru. Sannan ta dube shi ta ce, "Baba, namiji ba ya sa safa cikin harami, kuma tafiyar can ba kaɗan ba ce. In fason nan bai rufe ba, a keken guragu za a tura ka."

Muka fito ni da Baba. A hanya ya ce mini, "Shekara nawa ina roƙon Allah Ya kai ni ɗakinsa, sai in je a tura ni kamar buhun masara?" Daga nan ya miƙa mini ƙafarsa, saura mako shida su tashi.

Na tare a gidanmu. Kullum bayan magariba in kawo ruwa mai ɗumi a roba, ya tsoma ƙafafu kamar minti goma, kaushin ya yi laushi ya yi fari. Sai in ɗora ƙafar kan cinyata in goge da dutsen kaushi, ina kauce wa bakin fason. In tsane da tsumma har tsakanin yatsu, in shafa man kaɗanya tun fatar na da danshi, amma ban da tsakanin yatsun, sannan safa. Fason kuwa a wanke shi, a sa ɗan basilin, a rufe da filasta. Bayan kowace alwala ma sai an ƙara mai, don jiƙewa da bushewar nan ke ƙara tsage fata. Na saya masa takalmin roba sau-ciki, na ɓoye silifas ɗinsa a bayan rumbu.

Zumuɗi ya so ya kai ni ya baro. A makon farko na dage da guga kamar ina kankare tukunya, ina so in gama aikin shekara sittin a kwana uku. Sai ga ƙafar hagu, wadda ba ta da laifin komai, ta yi ja tana masa raɗaɗi. Na koma wajen malamar da gudu. Ta yi mini dariya ta ce kaushi rigar ƙafar manomi ne, rage shi ake yi kaɗan-kaɗan, sau biyu ko uku a mako, ba tuɓe shi ake yi ba. Na dawo jikina a sanyaye, Baba kuwa ya samu abin tsokanata na kwana da kwanaki.

A mako na huɗu fason ya haɗe, sai ɗan layi. Ranar da Baba ya taka diddigensa sosai ya zagaya tsakar gida, ni da Innarmu muka dinga tafi. Da yamma ya riƙa zagaya filin makaranta sau bakwai cikin sau-cikinsa, wai gwaji yake. Abokansa na majalisa suka sa masa suna ango, suna cewa lalle kawai ya rage. Ko a jikinsa.

Saura kwana tara jirginsu ruwan shuka ya sauka. Da safe na kai masa koko, ɗaki ba kowa, ga safa a ninke, ga sau-ciki a bakin ƙofa. Nan take na gane gona ya tafi. Duk wanda ya tashi a ƙauye ya san yadda ake shuka: a sara rami da sungumi, a jefa iri, a ja ƙasa da ƙafa a danne da diddige. Na suri takalman da safar na yi gona da gudu, mayafina a hannu.

Na same shi ya kusa gama layi na biyu, ƙafa duk laka.

"Baba! Wahalar wata guda za ka binne a ramin masara?"

"Uwata, da takalmi ba na jin yawan ƙasar da na ja. Tun ina yaro ban taɓa barin ruwan farko ya wuce ni ba."

Na zaunar da shi a gindin ɗorawa, na wanke ƙafar da ruwan butarsa. Bakin fason ya ɗan buɗe, amma babu jini. Hawaye suka zubo mini, na haushi da na godiya a haɗe. Na sa masa safa da takalmi, na miƙa masa sungumi, na cire nawa takalmin na ɗauki ƙwaryar iri. Shi yana sara, ni ina jefawa ina binnewa, yana waiwayowa yana cewa na danne da yawa. Masu wucewa suka tsaya kallon matar aure daga Makarfi tana shuka. Kafin azahar yayanmu ya iso da mutum biyu suka karɓe mu.

Kwana taran nan ban bar shi ya taka ƙasa ba takalmi ba, ko zuwa bayi. Ranar tafiya na cusa masa gwangwanin man kaɗanya a babbar jaka, tsantsarsa, wanda ba a haɗa da turare ba saboda harami. Na maimaita masa dokokin har sai da ya ce ko malamin bita bai kai ni surutu ba.

Suka fara sauka Madina, sai bayan kwanaki suka wuce Makka. Ranar umararsu na kasa cin abinci, waya na hannuna ko'ina na shiga. Da la'asar sakaliya wayar ta yi ƙara, baƙuwar lamba.

"Uwata, na gama. Ɗawafi da Safa da Marwa, duk da ƙafata."

Na fasa ihu, na ce ƙafar fa, ta fashe?

"Ko kaɗan." Sai ya ƙara da cewa, "Ashe daɓen wurin nan sanyi gare shi, ga rana tsaka amma sanyi ƙalau. Na ji shi har cikin kaina. Da da tsohuwar ƙafata na zo, da na taka na wuce ban sani ba. Allah Ya yi miki albarka."

Na buɗe baki in ce amin, kuka ya riga ni.