Gaisuwar Baki

Ƙarfe sha ɗaya da minti goma na safiyar Alhamis mai ɗaurin littattafai ya miƙo mini kwafi huɗu na kundin digirina, a shagonsa da ke bakin kasuwar Dutsin-Ma. Na duba bango, na sake dubawa.

Kwana uku na yi ina tsara shafin take, wato na farko in an buɗe kundi: take a sama da manyan baƙaƙe, sunana da lambata a tsakiya, sai bayanin sashen da aka miƙa wa aikin don cika sharaɗin digiri, wata da shekara a can ƙasa. Har da rula na auna gefe. Ƙa'idar sashenmu na Hausa ita ce taken bango ya zo daidai da na ciki, harafi da harafi.

A ciki an rubuta SALON GAISUWAR BAƘI A ƘASAR KURFI. A bango kuwa, da ruwan zinare, SALON GAISUWAR BAKI A KASAR KURFI. Wata shida ina bin zaurukan garinmu Kurfi da na ƙauyen Wurma ina sauraron yadda ake tarbar baƙo, ga shi an mayar da mutanen garinmu masu gaisuwar fatar baki.

"Malam, lanƙwasa fa?" na ce.

"Hajiya, haruffan ƙarfena ba su da ƙugiya. Wa ke karanta bango? Shi ado ne."

Ƙarfe huɗu za a rufe karɓa, wanda bai miƙa ba kuma sai rukuni na gaba na bautar ƙasa. Sake ɗauri kwana biyu ne.

Na tambayi sakatariyar sashe ko za a karɓa haka. Ta ce, "Ni ƙirga kwafi ne nawa, 'yar nan. Jira malaminki." Malamin da ya duba aikina yana taro.

Na hau acaɓa na koma kasuwa, na sayo alƙalami mai ruwan zinare wurin masu katin biki. A ƙarƙashin darbejiya na zauna, na riƙe numfashi, na bi K na BAKI da na KASAR ina ɗora musu ƙugiya.

Huɗu saura kwata Malam ya fito. Na ajiye kundayen a teburinsa, kaina a sunkuye. Ya buɗe shafin take, ya rufe, ya shafa bangon da yatsa. A kwafi na huɗu ya daɗe, kafaɗunsa na rawa don dariya. Na leƙa. Ashe hannu ya zarce, na rubuta ƘURFI.

"Malam, za a karɓa?"

Ya jawo biro ya fara sa hannu.

"Lanƙwasa aka ce a sa, ba a ce lallai sai inji ba. Uku sun wuce: na laburare, na sashe, da nawa. Wannan da kika sake wa garinku suna, dama shi ne naki. Ki kai gida ki yi wa Baba bayani da kanki."