Minti tara na agogona

A ƙarshen shekarun tamanin ina aiki a ofishin noman rani da ke tsakanin Kura da Kadawa, ni ne mai kula da kwamfuta. Ɗaki guda aka ware mata, mai iyakwandishan, sai an tuɓe takalmi ake shiga. Aikina shi ne in kunna ta da safe, in gaya mata ƙarfe nawa, in canza tef, in sa wa firinta takarda. A cikinta rajistar gonaki take: kowace gona da lambarta, da mai ita, da kanal ɗin da take sha, da ranar da za a buɗe mata ruwa. Daga wannan rajista muke buga jadawalin da ake kai wa masu buɗe ƙofofin ruwa.

Wadda ta san cikin na'urar sosai wata mata ce da ta yi karatu a Zariya, muna ce mata Malama. Ita ta kafa mana doka biyu. Duk Juma'a sai na kwafe rajistar gaba ɗaya a tef na kulle a kabad. Sannan akwai abin da muke kira littafi, ko da yake ba takarda ba ne: wani faifai ne daban inda na'urar ke rubuta duk canjin da aka yi wa rajista, ɗaya bayan ɗaya, kowanne da lokacinsa. Ta ce ko faifan zai cika kada in kuskura in goge littafin sai da izininta. Ina bin dokar, amma gaskiya ban ga amfaninta ba.

Ranar da abin ya faru Laraba ce. Tun Litinin akawu biyu ke shigar da sabon rabon ruwa wanda zai fara aiki Alhamis da safe. An sha rigima da shugabannin manoma kafin a daidaita shi, an yi ta soke wannan ana gyara wancan, wasu gyare-gyaren ma da baki aka faɗa aka shigar nan take. Lokacin dashen tumatir ne, wanda ya dasa yana son ruwa a ranarsa, ba washegari ba.

Da hantsi Injiniyan ruwa ya shigo da sauri. Wani ƙaramin kanal wajen Bunkure ya fashe, yana so a share ranar ruwan gonakin da ke kansa har a gama gyara. Malama ta je sito, shi kuma yana da taro, sai ya zauna ya rubuta umarnin da kansa. Ya ce a mayar da ranar ruwa sifili, ya manta bai faɗi kanal ɗin ba. Na'urar ta ɗan jima tana ƙugi, ya tabbatar mata da aikin, ya ɗaga kai ya dubi agogon bango ya ce sha ɗaya saura minti ashirin, ya makara. Ya sa takalminsa ya fita.

Sai kusan sha biyu muka gane. Na sa a buga jadawali, takarda ta fara fitowa, ina ganin sifili daga sama har ƙasa. Na bar ta ta ƙara shafi uku ko zan ga wata rana, babu. Duk gonakin da ke rajista an share musu rana.

Malama ta zo ta duba, ta zauna. Abin da ta fara yi shi ne korar akawun nan biyu daga kan allunan da suke shigar da bayanai, ta ce kada wanda ya ƙara taɓa komai. Ta aika aka kira Injiniya daga taro. Da ya ga takardar ya gane abin da ya yi, bai yi gardama ba, sai tambaya yake ko ba za a ce wa na'urar ta janye ba. Ta ce ya riga ya tabbatar, babu janyewa. Ya ce to a sa tef ɗin Juma'a. Ta ce tef ɗin Juma'a bai san da sabon rabo ba, aikin kwana uku zai tafi, kuma ba duka ke a takarda ba.

"To yaya ke nan?" in ji shi.

"Za mu mayar da rajistar yadda take ranar Juma'a," in ji ta, "sannan mu sa na'ura ta bi littafi ta sake yin duk abin da aka yi tun daga lokacin, a jere, mu tsayar da ita dab da naka. Ƙarfe nawa ka yi?"

Ya ce sha ɗaya saura minti ashirin, ya ga agogo da idonsa. Na ce haka ne, na ji shi ya faɗa. Ta ce za ta tsaya a goma da minti talatin da takwas.

Kafin komai ta sa na kwafe ɓatacciyar rajistar da littafin a wani sabon tef, don idan mun ƙara ɓata wani abu mu sami wurin komawa. Wannan kaɗai ya ci rabin awa. Sannan na ɗauko tef ɗin Juma'a na ɗora. Zuba shi kusan awa guda yake ci, kuma ba abin da mutum zai yi sai kallon tef yana juyawa. Na kasa zama. In fita baranda, in dawo, in taɓa iyakwandishan in ji ko yana sanyi, in je bayan ofis in tambayi mai janareta ko mansa zai kai mu.

A barandar na tarar da baffana, ƙanin mahaifina, zaune kusa da kekensa. Jiya ya gama dashe, ya zo ya ji ko Alhamis ɗin nan ce tasa kamar yadda aka yi alkawari. Masu babura huɗu da ke kai jadawali su ma suna nan suna jira, labari kuwa ya riga ya fita.

"Ɗana, an ce na'urarku ta shanye ruwan."

"A'a Baffa, mantuwa ta yi, ana tuna mata."

Ya dube ni kawai, ya gyara zama. Na san ba zai tafi ba.

Bayan ƙarfe ɗaya tef ya gama. Malama ta rubuta lokacin tsayawa, ta karanta shi sau biyu a bayyane, ta sa na'ura ta fara bin littafi. Aikin Litinin ya shiga, na Talata ya shiga, na safiyar Laraba. Wajen ƙarfe biyu ta tsaya. Muka buɗe gona ta farko, sifili. Ta biyu, sifili. Injiniya ya cire hularsa ya riƙe a hannu, yana ta rantsuwa cewa bai yi kuskuren agogo ba.

Malama ta tambayi na'urar ƙarfe nawa, ta ɗaga kai ta dubi bango. Ta juyo gare ni.

"Malam, da wane agogo kake sa mata lokaci?"

Na dubi hannuna. Agogona yana baya da minti tara. Da shi nake sa lokaci kowace safiya, ban taɓa gwada shi da na bango ba. Abin da Injiniya ya yi da sha ɗaya saura ashirin, na'ura ta rubuta shi a goma da minti talatin da ɗaya. Mun ce ta tsaya a talatin da takwas, ta kuwa bi umarni, ta sake yin ɓarnar daidai yadda aka yi ta da safe.

Na tambaya ko za a iya jan ta baya kaɗan. Ta ce a'a, littafin gaba kawai ake bin sa, sai dai mu koma tef ɗin Juma'a mu faro daga farko. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce laifin har da nata, da ta duba littafin da kanta maimakon ta dogara da bango, gaggawa ce ta hana ta.

Muka yi azahar a gurguje, na sake ɗora tef. Yayin da yake zuba, ta sa aka buga jerin ayyukan littafin daga ƙarfe goman safe. Ga shi nan a fili: ƙananan ayyukan akawu, gona ɗaya, gona biyu, sai wani ƙato da ya taɓa kowace gona, da lokacinsa har da daƙiƙa. Ta ja masa layi da jan biro, ta zaɓi daƙiƙa kaɗan kafin ya fara. Ta nuna mini wani aiki da akawu ya fara kafin lokacin amma bai tabbatar ba sai bayansa, ta ce wannan ba zai shiga ba, na'ura abin da aka kammala kawai take ɗauka, sai mu shigar da shi da hannu.

Wannan awa ta biyu ta fi ta farko tsawo. Masu babura suka fara cewa idan rana ta faɗi ba za su bi gefen kanal ba. Shugaban ofis ya leƙo sau uku. Injiniya ya ɗauki takarda yana ƙoƙarin tuno rabon da ka, ya rubuta layi shida ya yaga. Ni kuma ina tsaye gaban tef ɗin, ina tsoron ya tsinke, don sau biyu ke nan ana jan sa a yini guda.

Bayan la'asar ta gama bin littafin karo na biyu. Malama ta ce in faɗi lambar gonar da na sani. Na faɗi ta Baffa. Alhamis. Muka duba wasu daga kanal daban-daban, kowace da ranarta.

Saura abin da akawu suka shigar bayan ɓarnar, kafin a dakatar da su. Yana nan a jerin da aka buga, amma Malama ta hana a zuba shi haka nan, domin ɗaya daga cikinsu ya ga sifili a wasu gonaki ya cike musu rana da tunaninsa, bai gaya wa kowa ba. Aka zauna aka bi su ɗaya ɗaya, na gaskiya aka sake shigarwa, na ƙirƙira aka bar su. Sannan Injiniya ya sake rubuta umarninsa, wannan karon da lambar kanal, Malama na tsaye a kansa, ta sa ya ƙirga gonakin da ya taɓa kafin ya tabbatar. Ta ce in ɗauki sabon kwafi a tef kafin mu tashi.

Wajen biyar firinta ta fara fitar da jadawali, ina yagewa ina miƙa wa masu babura ta taga. Uku suka tafi. Na huɗu, mai zuwa can ƙarshe wajen Bunkure, gaba da kanal ɗin da ya fashe, ya ce ba zai kai ya dawo da haske ba, sai da safe. Baffa ya tsaya har na nuna masa layinsa, ya sa yatsa a kai duk da ba ya karanta boko, ya hau kekensa.

Washegari bayan asuba ni na karɓi babur ɗin na kai takardar da kaina. Na sami mai buɗe ƙofa zaune a kan siminti da makullinsa a cinya, manoma biyar ko shida tsaye a kansa da fartanyoyi, ya ƙi buɗewa sai ya ga takarda. Ya karanta, ya tashi ya fara murɗa ƙarfen. Ruwansu ya makara da kusan awa biyu, wani dattijo ya yi ta yi mini mita a kan haka har na tayar da babur. Na kama hanya, ana jirana a ofis in kunna na'ura.